Gayya a Ramin Malama

Gidanmu yana gindin wani tudu ne a bayan masana'antun Challawa, inda katangar kamfanin fata ta ƙare, gonaki suka fara. Tudun ba dutse ba ne, ƙasa ce zalla, mai toka-toka, da kukoki tsofaffi a kansa. Gonar Baba tana samansa. Tun ina yaro na san duk inda ka sa fartanya a gonar nan sai ta ci karo da tsingaron tukunya, muna tsincewa muna zubarwa a kan iyaka don kada su yanke mana ƙafa. Baba yakan ce kufai ne, gari ne a da, kakansa ya gaya masa haka. Ba mu taɓa tambayarsa wane gari ba.

A shekarar da nake magana a kai ina aiki a wata masaƙar buhu a Sharada, ni ne mai kula da layin injinan ɗinki, kuma na kama hayar ɗaki ciki da falo a can kusa da aiki tare da iyalina. Baba ya tsufa, idonsa ya kusa rufewa gaba ɗaya. Yayana ne ke zaune da shi a gida. Yaya mahaƙin rijiya ne, da shi da digarsa an san su tun daga ƙauyenmu har tsallaken kogi, mutum ne mai ƙarfi da saurin hannu da saurin fushi.

Abin ya fara ne da safiyo, masu awon fili. Suka zo da rani, suka kafa turaku masu jan fenti, suka zagaye tudun da gidaje kaɗan da ke gindinsa, har da namu. Mai unguwa ya ce an bai wa wani kamfani filin zai gina rumbunan ajiye kaya, za a ba mu wani wuri can nesa. Na je ofishin kamfanin a Bompai, na zauna a benci tun safe har azahar, wani ma'aikaci ya fito ya ce takardunsu cikakku ne, in je in kwashe tsohona tun da wuri. Na dawo na gaya wa Baba. Ya ce shi a ɗakin nan aka haife shi, in ana so a rushe a rushe da shi a ciki. Bai ɗaga murya ba. Na san halinsa, da gaske yake.

Ana cikin haka wata mota ta tsaya a gindin kuka, wata mata ta fito da matasa biye da ita, suna tafiya a jere a cikin gonarmu, kawunansu a sunkuye kamar masu neman allura. Malama ce a wata jami'a, aikinta binciken garuruwan da ƙasa ta binne. Ta gaishe da Baba har ƙasa, ta nemi izini, sannan ta nuna mini wani hoto a wayarta, wanda aka ɗauka daga sama. Na ga rufin kamfanin fata, na ga kogi, na ga gidanmu kamar ƙwayar gero. Ta bi da yatsa ta nuna mini wani layi mai duhu da ya yi zobe ya kewaye tudun.

Ta ce, "Malam, ka san wannan?"

Na ce, "Kwari ne, ruwa yakan kwanta a nan da damina."

Ta ce, "Ina zaton ramin ganuwa ne. Daga nan aka ɗebi ƙasar da aka gina ta. Ganuwar ta zube, ramin ya cike, amma har yanzu ya fi riƙe laima, shi ya sa ciyawarsa ta fi duhu."

Na tambaye ta yadda aka yi ta san da mu. Ta ce ba abu ɗaya ba ne. Da farko hoton. Sannan kukoki, don kuka ba ta cika taruwa haka ba sai inda mutane suka zauna suka ci 'ya'yanta suka zubar da ƙwallon. Sannan tsingaron da ya cika gonar, da kashin maƙera da ɗalibanta suka tsinta ta gabas. Sannan shi kansa tudun. Ta ce gidan ƙasa in ya faɗi ba a kwashe shi, baje shi ake yi a sake gini a kai, toka da shara su hau, wani ginin ya faɗi, a sake bajewa. Shekara da shekaru gari yana hawa kan kansa har ya zama tudu. Na ƙarshe kuma maganar tsofaffi irin Baba. Ta ce duk waɗannan zato suke bayarwa, tabbaci sai an haƙa.

Ni abin da na riƙe daga maganarta guda ne. Ta ce hukumar da ke kula da kayan tarihi ta ba ta izinin haƙa ramin gwaji, kamfanin da aka bai wa filin kuma ya yarda ya jira zuwa faɗuwar damina. In ta nuna a rubuce da hoto cewa akwai tsohon gari a jere a ƙarƙashin gonar, daɓe a kan daɓe, hukumar za ta iya neman a dakatar da aikin a keɓe tudun. Na ce har da gidajen gindinsa? Ta ce suna cikin zoben ganuwa, don haka har da su. Ta ƙara da cewa ba ta yi mini alkawari ba. Ban ji wannan ƙarin sosai ba a lokacin.

Na nemi a mayar da ni aikin yamma a masaƙa don in riƙa zuwa tudun da safe. Ta ɗauke ni aiki, ni da mutum uku daga ƙauye. Yaya ya ce shi ma zai yi, ta ce to.

Ga yadda aikin yake. Aka auna fili murabba'i, taku biyu da ɗoriya kowane gefe, aka kafa ƙusoshi aka ja igiya. Aka kafa wani turke a gefe wanda daga shi ake auna zurfin kome. Aka share ciyawa. Sannan aka ba kowa cokalin magini da buroshi. Ana kankare ƙasa ne kaɗan-kaɗan, a ko'ina daidai, ba a yarda wani lungu ya riga wani nisa ba. In an sauka kamar faɗin tafin hannu, ko kuma launin ƙasa ya sauya kafin nan, sai a tsaya. A share, a ɗauki hoto, a zana, a auna. Ƙasar da aka kwashe a kwanon sarki sai ta bi ta rariya, abin da ya rage a kan rariyar a zuba a leda, a rubuta daga wace shimfiɗa ya fito. Ledar wannan shimfiɗa ba ta haɗuwa da ta waccan. Gefen ramin kuwa a miƙe ake barinsa, sumul, ba a zaro kome daga jikinsa ko da ana ganin bakin tukunya ya leƙo.

Ni tsarin ya yi mini, don haka nake tafiyar da layina a masaƙa: ba a ɗinke gindin buhu kafin a yanka shi. Amma jinkirin ya dame ni. Yaya kuwa tun ranar farko ya fara.

Ya ɗaga cokalin ya ce, "Malama, wannan na shan koko ne ko na haƙa?"

Ta ce, "Na haƙa ne, Malam Babba." Haka take kiransa.

"Wallahi kazar gidanmu ta fi mu nisa tun safe. Ki ba ni digata, kafin la'asar in kai ki inda kike so, har in samo miki ruwa ki yi alwala."

Ɗaliban suka yi dariya, ita ma ta yi. Sannan ta kira mu bakin rariya, ta ɗauki wani ɗan guntun yumɓu mai rami, baƙi ta ciki. Ta ce kan lofe ne na shan taba. Ta ce taba baƙuwa ce a ƙasar nan, daga ƙetaren teku ta zo, shekaru ɗari huɗu ko kusa da haka. Duk shimfiɗar da aka sami lofe a cikinta, ba ta girmi zuwan taba ba. In muka yi ta sauka har lofe ya ɗauke, muka ci gaba da samun daɓe da murhu a ƙasa, to alama ce mun shiga zamanin da ya riga taba. In kuma muka sami gawayi a murhun da daɓe ya rufe, wanda gara ba ta huda ba, wani bai haƙa rami ya taɓa shi ba, za a aika da shi ɗakin gwaji a auna shekarunsa, daɓen da duk abin da ke kansa ba za su girmi shekarun nan ba.

Ta ce, "Tukunya ita kaɗai ba ta gaya mini kome. Inda take kwance shi ne maganar, me ke ƙarƙashinta, me ke samanta. Kuma rami sau ɗaya ake haƙa shi. Abin da muka kwashe ba mu rubuta ba ya tafi ke nan."

Yaya ya ce, "To ai ƙasa ƙasa ce." Ya koma ya ci gaba da kankara, yana waƙar zolaya ƙasa-ƙasa.

Bazara ta yi nisa. Zafi ya kai inda cokalin ke ƙona hannu. Muka wuce ƙasar noma, muka shiga toka mai ƙasusuwan awaki da lofe da yawa, muka sami daɓe na farko, ja, mai tauri, wanda ya ci mana kwanaki ana sharewa ana zanawa. Ramin bai wuce gwiwa ba. A ƙasa kuwa, a bakin hanya, kamfanin ya riga ya kawo katafila ya ajiye, an sauke bulo da rodi. Kullum da yamma gabas takan yi duhu, iska ta taso, sannan ta watse. Kullum in na shiga gaishe da Baba sai ya ce, "Ta kai ƙasa?" In ce tukuna. Ya ce, "Me take jira?" Na rasa yadda zan bayyana masa, don ni ma a raina tambayar nake yi. Na taɓa ce mata, cikin ladabi, ko za a ƙara hannu a yi sauri. Ta ce ƙarin hannu a rami ɗaya tattake wuri kawai zai yi, kuma masu zane da awo biyu ne kacal take da su.

Sai aka kira ta jami'a, ita da ɗalibanta, saboda jarrabawa. Ta ce kwana kaɗan za ta yi. Muka rufe ramin da tamfol, muka danne da duwatsu. Ta ce da ni a gaban kowa kada a taɓa. A daidai lokacin aka sauya mini aiki a masaƙa, wani ya yi rashin lafiya, na koma shiga tun asuba har la'asar.

Ranar Asabar na tashi daga aiki na hau adaidaita zuwa gida. Tun daga kwanar kamfanin fata na fara jin ganga. Na ɗauka biki ne. Da na sauka na ga mata suna hawa tudun da ƙoren kunu a ka.

Yaya gayya ya kira. A ƙauyenmu in aiki ya fi ƙarfin gida ɗaya, ko ruwa na shirin riga mutum, sai a gaya wa jama'a, a dafa abinci, a kira makaɗi, a taru a gama shi rana ɗaya. Haka aka yi wa Baba rufin soro, haka ake yi wa gwauraye da marasa lafiya noma. Ba wanda ake gayyata ya ƙi. Yaya ya bi gida-gida ya ce baiwar Allah nan tana ta wahala da cokali saboda mu, ga hadari, ga katafila, kunya ce a ce muna da maza a gari ta dawo ta tarar da aikin inda ta bar shi. Mai unguwa ya sa albarka. Mutane suka fito da zuciya ɗaya.

Da na isa, igiya da ƙusoshi babu su. Ramin ya zama da'ira, irin bakin rijiya, ya fi tsayin mutum biyu. Yaya yana can ƙasa, ba riga, ana jawo ƙasa da guga ana watsawa ko'ina. Rariyar tana jingine da kuka, an rataya hula a kanta. Duk inda aka ga bakin tukunya a jikin ramin an bi shi da dagi an zaro, gefen ya zama kogo-kogo. A inuwa an shimfiɗa tabarmi. Mata sun wanke kome tas da ruwa da soso, sun jera: manyan tukwane a nan, ƙanana a can, duwatsun niƙa gefe guda, kawunan lofe a faranti, 'yan duwatsun wuya a cikin murfin kwano. Akwai wata randa babba da ta fito kusan lafiya, mai zane a wuya irin wanda ban taɓa gani ba. Gawayin da suka samu sun tara shi a tsohon gwangwanin madara, don sun ji Malama tana son gawayi.

Na tsaya a bakin ramin na ce, "Yaya, fito."

Ya ɗago kai yana dariya, ƙasa har cikin gemunsa. "Ƙanena, ka makara, kunu ya ƙare. Mun kai jar ƙasa, babu sauran kome a ƙarƙashi. Ka ga randar?"

"Wa ya ce ka taɓa?"

"Wa zai ce? Gonar ubana ce."

"Ta ce kada a taɓa. A gabanka ta faɗa."

"Ta faɗa don kada ta ɗora mana nauyi. Kai ba ka san kara ba? Abin da za ta yi wata uku tana nema ga shi a tabarma."

Makaɗin ya tsaya. Mutane suka juyo suna dubana kamar na zagi baƙo. Wani dattijo maƙwabcinmu ya ce, "Haba, ɗan nan, mutane sun bar aikinsu tun safe, ko sannu ba za ka ce ba?" Na ce musu sannu. Na sauka gida. Baba yana zaune a zaure, fuskarsa a sake, rabon da in gan shi haka tun kafin zuwan safiyo. Ya ce, "An ce an kai ƙasa." Na ce an kai.

Washegari da rana ruwan farko ya sauka, mai ƙarfi. Tamfol ɗin ba ya rufe bakin ramin yanzu. Gefen da aka rarake ya rufta ciki.

Malama ta dawo ranar Talata. Yaya ya sa farar riga ya tarye ta tun daga mota, jama'a na biye. Ta hau tudun, ta dubi ramin, ta daɗe. Wata ɗaliba ta sa hannu ta rufe baki. Sannan aka kai ta wurin tabarmi, waɗanda aka shigar rumfa saboda ruwa. Ta durƙusa gaban randar, ta shafa zanen wuyan da yatsa. Ta yi godiya ga jama'a saboda wahalarsu. Sannan ta ce, "Malam Babba, wannan daga ina ta fito?"

"Daga can ƙasa."

"Ƙasa ina? A kan daɓe take zaune, ko a cikin rami aka binne ta?"

"Daɓe dai mun fasa da yawa."

"Nawa ne a samanta?"

Yaya ya ce uku. Wani ya ce a'a, randar tun kafin azahar ta fito, bai fi ƙugu ba. Wani ya ce waccan daban ce, wannan daga gefe aka zaro ta. Suka fara musu. Ta ɗauki farantin lofe ta ce waɗannan fa, a ina suka daina fitowa? Ba wanda ya lura. Ta leƙa gwangwanin gawayi, ta mayar da murfin. A lokacin ne na ga fuskar Yaya ta sauya. Ya ce, "Amma ga kayan." Ta ce, "Ga su kuwa."

Na bi ta har mota. Ban taɓa roƙon mutum irin na ranar ba, ko a Bompai. Na ce ta ga randar da idonta, ta san tsohuwa ce. Ta ce tana zaton haka. Na ce to ta rubuta cewa daga ƙasan daɓe na uku ta fito, Yaya zai rantse. Na ce tsohona makaho ne, ya ce ba zai fita ba, in katafila ta zo ban san abin da zai faru ba. Na ce layi ɗaya ne a takarda.

Ta ce, "Malam, abin da ban gani ba ba zan rubuta na gani ba. Ko na rubuta, hoto za su nema, da zanen gefen rami, da awo. Ba ni da ko ɗaya daga gwiwa zuwa ƙasa. In suka kama ƙarya ɗaya, har abin da muka yi daidai ya zube."

Na ce, "To shi ke nan?"

Ta ce, "A buɗe wani ramin. Yau."

Muka buɗe, ƙarami, gefe da na farko inda ba a zuba ƙasa ba. Na ɗauki hutun da nake da shi a masaƙa. Yaya ya zo da sassafe ba wanda ya kira shi, ya ɗauki cokali, ya durƙusa. Bai yi waƙa ba, bai yi zolaya ba, kuma hannunsa ya fi na kowa iya gane inda ƙasa ta sauya tauri. Amma damina ta riga ta kama. Jiƙaƙƙiyar ƙasa ba ta bin rariya, launukanta kuma sukan haɗe sai ta sha iska. Mukan kwashe ruwa da safe, mu jira, mu kankare kaɗan, hadari ya taso mu rufe. Ni da na yi ta yabon tsari, ni ne na riƙa cewa a tsallake zane, a tsallake awo, a bar rariya. Ta ce in aka tsallake, wannan ramin ma ya zama irin wancan. Malama ta je Bompai da kanta neman ƙarin lokaci, suka ce sun cika alkawarinsu, ruwa ya sauka, 'yan kwangila suna jira. Suka ƙara mako guda.

Ranar da wa'adin ya cika muna daidai ƙugu. Mun sami daɓe biyu, an zana su, an auna. A leda ta ƙarshe da aka ɗaure, daga shimfiɗa mafi zurfi da muka kai, akwai kan lofe. Na gan shi a kan rariya kafin kowa, na yi tunanin rufe shi da tafin hannu, ɗalibin da ke gefena ya riga ya miƙa hannu ya ɗauka.

Ta gaya mini abin da rahotonta zai ce tun kafin ta aika. Mutane sun zauna a nan a zamanin taba. Akwai alamar ganuwa, akwai kaya masu kama da na da can, amma ba a san daga inda suka fito ba. Ta nemi a dakatar duk da haka. Amsa ta zo cewa ƙauyuka masu irin wannan shaida suna da yawa, ba ta isa a tsayar da aiki ba, sai dai a bar ta ta tsaya ta duba lokacin da ake yankan ƙasa.

Katafila ta fara ta gefen yamma. Kafin azahar ta yanke tudun biyu, ta bar bango tsaye wanda ya fi soro tsayi. Na tsaya kusa da Malama muna kallo. Kome yana nan a jere a jikin bangon. Jar ƙasa a gindi. A kanta baƙin layi na gawayi. Daɓe, toka, ƙasar ginin da ya faɗi, wani daɓen, ramin shara da ya huda shi, wani daɓen kuma, haka har sama inda ƙasar noman Baba take, siririya. Ta yi ta ɗaukar hoto, ta roƙi direban ya ba ta lokacin sallah ta ɗebi gawayi daga layin ƙasa. Ya ba ta. Na ce wannan ba zai isa a tsayar ba? Ta ce sakamakon gwaji watanni yake ɗauka, kuma ta buga waya tun ɗazu, an ce mata izinin aiki ya riga ya fita. Da direban ya idar da sallah ya hau ya tayar da inji. Tifofi suna jere suna jiran ƙasar ciko.

Gidajen gindin tudu aka bari zuwa ƙarshen mako. Maƙwabta suka kwashe. Baba ya ƙi magana, ya ƙi abinci sai ruwa. Na kawo liman ya yi masa nasiha, ya saurara amma bai sauya ra'ayi ba. Ranar ƙarshe na ɗauko a-kori-kura, muka loda gado da buhunan hatsi da ƙyauren ɗaki. Na shiga na durƙusa na ce, "Baba, mota tana jira." Bai motsa ba. Yaya ya shigo, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce, "Baba, ni na jawo. Ku yafe mini, ku tashi." Baba ya ce, "Kai aiki ka yi." Ya miƙa hannu, Yaya ya ɗaga shi, ya goya shi har mota. Yaya bai biyo mu ba, ya ce zai zauna wurin surukansa a tsallaken kogi.

Muka iso Sharada da la'asar. Matata ta gyara masa falo, ta shimfiɗa tabarma, yara suka koma ciki. Injin kamfanin da ke bayan layinmu yana ta ruri, bangon yana ɗan rawa. Baba ya zauna, ya shafa simintin ƙasa, ya shafa bango. Na kawo masa buta ya yi alwala a bakin ƙofa. Ya miƙe tsaye a tsakiyar ɗakin, ya juya dama, ya juya hagu, sannan ya ce, "Ina ne gabas a nan?" Na kama kafaɗunsa na juya shi.